Ɗakin da Muka Fara Kamawa a Magarya

Shekarar da aka ɗauke ni koyarwa a kwantaragi, aurenmu bai daɗe ba. Muna zaune a Waca, a gidan iyayen maigidana, cikin ɗakin da aka gina masa kusa da turken tumaki. Har lokacin ban san ɗaki abu ne da ake fita nema ba. A wurinmu idan saurayi zai yi aure, 'yan'uwansa da abokansa ne za su kwaɓa ƙasa bayan kaka, su tayar masa. Ban san kowa ba da yake biyan kuɗi duk wata don ya sami wurin kwana.

Sai aka turo ni wata lakol, wato makarantar boko, da ke bakin garin Magarya. Maigidana tela ne, kuma a Magarya ya koyi ɗinki, tsohon maigidansa ya ce akwai wurin da zai ajiye kekensa a shago. Muka yanke shawara mu tafi tare. Damina na ƙarewa, an fara yankan gero, komawa lakol ta matso. Maigidana ya sayar da raguna biyu, mahaifinsa ya ƙara masa da kuɗin gyaɗa, muka bar kayan ɗakina a Waca da niyyar in mun sami wuri a ɗoro su a mota.

Na sauka a gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe da aure a garin. Shi kuwa kunyar surukai ba ta bar shi ya kwana a can ba, sai ya riƙa shimfiɗa tabarma a shago tsakanin kekunan ɗinki. Da yamma ya zo ƙofar gida ya yi sallama, in fita mu tsaya a zaure. Muka koma kamar masu zance. 'Ya'yan gwaggo mata har tsokanata suke yi, su ce in fito saurayina ya zo. Da farko ina dariya, daga baya dariyar ta daina zuwa.

Gwaggo ce ta ce lalle in riƙa binsa wajen dubawa.

"Namiji bango da ƙofa kawai yake kallo," in ji ta. "Ke za ki yi girki, ke za ki yi wanki, ke za ki zauna da matan gidan. Sa mayafinki ki bi shi."

Mun fara da kanmu, don kada mu biya dillali. Muka riƙa bin unguwa unguwa a ƙasa, yashin Magarya na cika mini takalmi. Babu gidan da aka rubuta a jikinsa cewa akwai ɗaki. Sai dai a tambayi mai shayi, ko mai butik, wato ɗan kantin unguwa, ko dattawan bakin masallaci. Wani ya ce ai da jiya muka zo, an kama. Wani ya nuna mana gida, mu je mu tarar ɗakin an zuba buhunan wake a ciki. Wani mai butik ya gaya mana gaskiya: mun zo a mugun lokaci, malaman lakol da ma'aikatan da aka canza wa gari duk yanzu suke shigowa, kuma ɗakunan kirki makullansu na hannun dillalai.

Dillalin da aka haɗa mu da shi yana zama a gindin wata dalbejiya kusa da tasha. Gajere ne mai fara'a, da wayoyi biyu da tarin makullai da suka ja aljihun rigarsa ƙasa. Tun kafin ya tashi daga benci ya shimfiɗa mana ƙa'idarsa. Akwai kuɗin ƙafa, jika ɗaya ta sefa, ko mun sami ɗaki ko ba mu samu ba. Man motonsa, wato babur ɗinsa, a kanmu. In mun kama, la'adarsa rabin hayar wata guda. Ya tambayi maigidana sana'arsa, ya tambayi ko muna da yara, sannan ya ce, "Wane iri kuke so? Antire-kushe ko ciki da falo?"

Na dubi maigidana. Shi ya san kalmar, ya ce mini ɗaki guda ke nan, kana shiga ka iske gado. Muka ce ciki da falo, in ƙarfinmu ya kai.

Gidan farko dogo ne, ƙofofi a jere hagu da dama, igiyoyin shanya sun sarƙe tsakar gidan. Kowace ƙofa da murhunta da bidon ɗin ruwanta. Muna shiga hira ta tsaya, mata suka bi mu da ido. Ɗakin da ke kango yana ƙarshe, jikin makewayi. Maigidana ya ciro abin awonsa na ɗinki ya auna bango, ya auna ƙofa, don gadona babba ne, ga kuma almuwar ta tufafi da mahaifina ya sa aka ƙera mini. Ya ce gadon zai shiga, almuwar sai dai a tsakar gida. Ni kuma na leƙa makewayin. Guda ɗaya ne tak ga dukan gidan, ƙofarsa buhu. Famfon tsakar gida an sa masa kwaɗo. Da na tambaya, dillali ya ce ana buɗewa safe da yamma. Wata mata mai goyo ta yi 'yar dariya. Wuta kuma kontar, wato mita, ɗaya ce, in takardar biya ta zo a raba bisa yawan ƙwan fitilar kowane ɗaki, fanka a lissafa ta ƙwai biyu. Ina tsaye sai na ji wasu biyu sun ci gaba da gardamar da shigowarmu ta katse, a kan wata da ake zargin tana ɓoye dutsen guga na lantarki.

Na biyu ɗaki ne a cikin gidan wani dattijo, shi da iyalinsa. Tsaf yake, an share har gindin bango. Dattijon ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce da maigidana, "Yaro, gidana ba a shiga. Kai kanka in za ka shiga sai ka yi sallama ka jira mata su kimtsa. Baƙo namiji, ko yayanka ne, nan zaure zai tsaya. Bayan isha'i ina rufe ƙofa." Maigidana ya ce, "Baba, in salla ta matso mu teloli ba mu tashi da wuri." Dattijon ya ce to shi ke nan, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Muka yi godiya muka fito. Na so ɗakin, amma na ga fuskar maigidana.

Na uku sabon gini ne na siminti, ciki da falo, da taga ta ƙarfe. Mai shi wani alhaji ne, muka same shi a ƙofar shagonsa. Ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka abin da muka tanada, ya ce kuma avansi, wato kuɗin gaba, na wata shida a dunƙule. Maigidana ya fara roƙon ragi, sai dillali ya sa baki don ya taimake mu, ya ce ai madam ma'aikaciya ce, malamar lakol.

"Cikakkiya ko kwantaragi?" in ji alhajin.

Na ce kwantaragi.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ba raini ba ne, amma ya taɓa zama da 'yan kwantaragi, albashinsu yakan makara, shi kuma bai iya ƙwanƙwasa ƙofar mutum. Ya fi son ɗan duwan, wato kwastan, ko jandarma. A hanyar komawa na yi ta juya maganarsa. Aikin da aka yi ta yi mini barka a kansa a Waca, ashe a nan abin da za a ƙi ba ni ɗaki ne saboda shi.

Haka muka yi ta yi. Wanda muke so ya fi ƙarfinmu, wanda muke iyawa ba ya zaunuwa. Kuɗin mai da na kabu-kabu suna cin abin da muka zo da shi kaɗan kaɗan. Surukata tana kira daga Waca, tana tambaya yaushe za a ɗora kaya, don mutane sun fara tambayarta ko lafiya. Maigidana ya rame, wuyansa ya ƙage saboda kwanan shago. Ni kuma ba ni da sukuni a gidan gwaggo, ko da yake ba wanda ya taɓa ɗaure mini fuska. Ina kwana da 'yan mata, akwatina a ƙarƙashin gadonsu, in zan shirya darasin farko sai in rasa inda zan baza littafi. Wata yamma a zaure maigidana ya ce mu karɓi ɗakin gidan farko kawai, na ce ba zan kwana jikin makewayin mutane ba. Ya ce ni ina da katifa shi ya sa nake zaɓe. Ya tafi ba sallama. Washegari ya zo da ƙosai a leda, ba wanda ya ta da maganar.

A ranar ne dillali ya kira. Ya ce mu zo yanzu yanzu, ya samo mana abin da ba a samu. Gwaggo ba ta nan, ta tafi biki Sassumbrum.

Wani sashe ne a cikin tsohon gida babba, an kewaye shi da 'yar katanga, da ƙofarsa ta kansa zuwa waje. Ciki da falo, makewayi namu mu kaɗai, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, rufin kwano. Sauran gidan a rufe yake, shiru. Na tsaya ƙarƙashin lemun ina kallon inda zan sa murhu. Wanda ya zo da makulli wani matashi ne sa'an maigidana, da riga mai guga da tabarau. Ya ce gidan mahaifinsu ne, Allah ya yi masa rasuwa, ba su son wurin ya zauna kango. Kuɗin da ya faɗa bai kai na alhajin ba ko kusa, jika goma a wata, avansi wata uku. Maigidana ya auna ƙofa, ya dube ni, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Maigidana ya ce ko za a ba mu zuwa jibi, gwaggo ta dawo ta gani. Dillali ya ja shi gefe, amma ina ji. Ya ce akwai wani ma'aikacin asibiti da zai zo da la'asar da kuɗinsa a hannu, in muka bar wurin nan ba za mu sake ganinsa ba. Maigidana ya sake dubana, na ce mu kama. Ya ƙirga kuɗin a hannun matashin, dillali ya ce shi ne shaida, ya karɓi la'adarsa nan take. Aka miƙo mana makulli. Kafin mu kai bakin titi maigidana ya kira Waca ya ce a ɗoro kaya a motar kasuwa mai zuwa.

Kwanakin da suka biyo na yi su a sashen nan. Na share, na kakkaɓe yana, na wanke daɓe. Maigidana ya sayo siminti ya lilliƙe inda ya tsattsage, ya sa sabon kwaɗo a ƙofa. Ina shara wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga muka gaisa.

"Ku ne za ku shigo?"

Na ce mu ne.

"Wa ya ba ku?"

Na kwatanta mata matashin. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri," ta sauka. Na ɗauka addu'a ce kawai.

Ranar da kaya suka iso, mun tari motar a tasha da hantsi. Gadona da katifa da almuwar suna ɗaure a sama tare da buhunan mutane, kwanukana da tukwane a ciki, yayan maigidana ya rako su. Direba ya yarda ya kai mu har ƙofa in za mu yi sauri, don yana da fasinja masu wucewa. Muna shan kwana na hango wata mata zaune a tabarma a ƙofar sashen, da wani dattijo a tsaye yana riƙe da carbi. A jikin ƙofar kuma, sama da kwaɗonmu, akwai wani kwaɗon babba.

Maigidana ya sauka ya gaishe su. Matar za ta yi sa'ar gwaggo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ce babbar 'yar marigayin, daga Dungas ta zo tun da safe, maƙwabta ne suka kira ta. Dattijon ƙanen mahaifinsu ne.

"Hajiya, mun biya," in ji maigidana. "Ga makulli a hannuna."

"Na sani, ɗana. Amma wanda ya ba ku ba shi da ikon bayarwa. Ba a raba gadon gidan nan ba, mu da yawa ne a kansa. Wannan sashen kuma na matar babanmu ne, ta je wurin danginta bayan takaba, za ta dawo. In na bar ku kuka shiga yau, gobe wani daga cikin ƙannena zai zo ya fitar da ku, kuma shi ba zai yi muku magana yadda nake yi ba."

Maigidana ya kira matashin, waya a kashe. Ya kira dillali, ya ce yana nan tafe, bai zo ba. Direba ya fara danna ham. Yaran unguwa da mata suka fito suna kallo. Yayan maigidana ya ce a sauke kayan, ba za a riƙe motar mutane ba. Aka sauke gadona a tsakiyar layi, aka jingine katifa a bangon wasu, kwanukan da mahaifiyata ta yi shekaru tana tara mini suna ƙyalli a rana kowa na ƙirga su da ido. Na ja mayafi na rufe fuska. Matar ta taso ta kama hannuna ta zaunar da ni a tabarmarta, ta ce in yi haƙuri, ba mu muka yi laifi ba.

Aka nemo amalanke biyu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu amalanken suna ta tsawata wa shanu. Muka kai kayan gidan gwaggo, wadda ta dawo ke nan daga biki. Ba ta tambayi komai ba sai da aka cusa gado da almuwar a zaure, aka ɗora katifa a kan ta 'yan mata, aka lulluɓe sauran da leda a rumfa. Da aka gama ta ce da mijinta ya raka maigidana wurin mai unguwar can.

Washegari aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Ni da gwaggo muna daga cikin zaure muna ji. An nemo matashin, ya zo ba tabarau, yana kallon ƙasa. Dillali ma ya zo. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya ce gidan da mai shi ya rasu ba a ba da hayarsa sai magada sun yarda, ko sun naɗa wakili guda da kowa ya sani. Ya juya ga dillali ya ce, "Kai ka san tsohon nan ya rasu, ka zo gaisuwa. Ka tambayi wa kafin ka kai baƙi?" Dillali ya ce yaron ne ya rantse masa an yarda. Sai mai unguwa ya juya ga maigidana.

"Kai kuma, ɗana, kafin ka ba da kuɗi wa ka tambaya? Ga ƙofata nan, ga liman, ga maƙwabta."

Maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, ban tambayi kowa ba."

Matashin ya riga ya taɓa kuɗin. Baffansu ya ciro na wata biyu daga aljihunsa ya ba mu, ya ɗauki alkawarin sauran in an sayar da amfanin gonar marigayin. Dillali aka ce ko ya mayar da la'ada, ko ya nemo mana wani ɗakin ba tare da ya karɓi ko dala ba. Ya zaɓi na biyun. Simintin da muka liƙa ba wanda ya ambace shi, mu ma ba mu tayar ba.

Muka koma neman, da kuɗin da bai kai na farko ba, lakol kuma saura kaɗan. Duk wanda zai shiga gidan gwaggo sai ya raɓa ta gefen gadona. Mijinta da yake karɓar baƙinsa a zaure ya koma shimfiɗa a waje. Haƙurin da ya yi shi ya fi damuna.

Ana haka aka yi ruwan ƙarshen damina, mai ƙarfi, tun asuba har rana ta ɗaga. Na zata ranar ba fita. Gwaggo ta ce ai yau ce ranar duba ɗaki, mu kira dillali ya zo da makullansa. Ya zo yana ƙunƙuni saboda taɓo. Akwai wani ɗaki da muka gani kafin nan har mun fara karkata gare shi. Da muka je, ruwan layin gaba ɗaya a ƙofar gidan ya taru, an jera tubala ana takawa. A ciki kuma jikin bangon ya jiƙe har gwiwa, fentin da aka shafa sabo ya kumbura. Muka wuce.

Na ƙarshe da ya kai mu gida ne mai ɗakuna huɗu na haya, mallakar wata hajiya mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, wadda gidanta ke manne da shi. Yana kan tudu, ruwan ya wuce ya bar yashi. Ɗakin guda ne babba da 'yar rumfa a gabansa, ba ciki da falo ba. Muna shiga muka ɗaga kai: kusurwa ɗaya tana ɗiga, sauran rufin lafiya. Tagar ba ta rufuwa. Maigidana ya auna, ya ce gado da almuwar za su shiga in aka cire ƙafafun almuwar, sai dai wurin zama kaɗan zai rage.

Wannan karon na bar maza a ɗakin na tafi wurin matan gidan. Na sami wata matar makaniki tana tankaɗe, na zauna na taya ta. Na tambaye ta ko gidan na hajiyar ne ita kaɗai, ta ce nata ne, da kuɗinta ta saya, kowa a unguwar ya sani. Na tambayi dalilin tashin wanda ya bar ɗakin, ta ce canjin wurin aiki aka yi masa zuwa Damagaram. Famfo babu, ruwa sai na 'yan ga-ruwa ko a ɗebo a famfon unguwa. Makewayi biyu ne, na wanka da na bayan gida, in ya cika hajiya ke biyan masu kwashewa. Wuta kontar ɗaya ce a nan ma, amma makanikin ne ke karɓar takarda ya nuna wa kowa kafin a raba. Ta rage murya ta ce, "Ki dai tambaya ko wancan ya biya rabonsa na watan ƙarshe, kada a ɗora muku. Kuma hajiya tana da faɗa a kan shara, amma ba ta shiga harkar mutum."

Daga nan maigidana da mijin gwaggo suka je wurin mai unguwar nan, ya tabbatar musu gidan nata ne. Sannan muka shiga wurin hajiyar, ni da shi da gwaggo da mijinta da dillali. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, mata na matse tunkuza a gabanta, ƙamshin gyaɗa ya cika gidan. Ita ma ta yi mana tata tambayar: 'yan ina ne mu, wa ya san mu a garin. Da gwaggo ta faɗi gidan da take aure, sai ta ce ai ta san surukarta. Ta faɗi kuɗinta, jika bakwai da rabi, avansi wata uku. Maigidana ya gaya mata gaskiyar abin da ya same mu, ya ce wata biyu muke iyawa. Ta ce labarin ya riga mu isowa, ta yarda.

Na ce, "Hajiya, ni 'yar kwantaragi ce, albashi yakan makara."

Ta ce, "Ga mijinki da keke. In wata zai mutu kun ga ba dama, ku zo ku faɗa mini tun kafin. Abin da ba na so shi ne in riƙa ganin mutum yana canza hanya."

Maigidana ya kawo maganar ɗigar rufi da taga. Ta ce mu gyara, mu kawo mata mai gyaran ya faɗi abin da ya karɓa a gabanta, a cire a hayar wata na uku. Kuɗin wutar wanda ya tashi ta ce ya biya, ta sa aka kira makanikin ya tabbatar. Aka yi magana cewa duk wanda zai raba zaman, ita ko mu, sai ya ba ɗayan wata guda. Mijin gwaggo ya ce a rubuta, ɗan hajiyar ya rubuta a takarda, muka sa hannu, makanikin da mijin gwaggo suka zama shaidu. A hannunta maigidana ya sa kuɗin, ita kuma ta ciro makulli daga bakin zanenta ta ba shi. Dillali ya tsaya yana jujjuya waya, ya ce ko ɗan na goro. Gwaggo ta dube shi, ya yi dariya ya ce wasa yake.

Mun tare ana gobe komawa lakol. Gwaggo da 'ya'yanta suka yi mini jere har la'asar, kwanuka da yawa ba su sami wuri ba, aka mayar da su kwali aka tura ƙarƙashin gado. Matar makanikin ta aiko mana da tuwo, don murhuna bai kafu ba. Muka ci a rumfa, gwiwarmu na taɓa bango, muna jin rediyon ɗakin kusa kamar a namu yake.

Da safe na gane cewa mutanen gidan duka lokaci guda suke son wanka. Na tsaya da bokitina a bayan mutum biyu, ina kallon rana na hawa. Na isa lakol an riga an jera yara a fili. Dirakta ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya nuna mini ajina, wata rumfar zana a ƙarshen fili, ya ce allon yana zuwa.

Damina uku muka yi a ɗakin. A nan na haifi 'yata ta fari, kuma hajiyar ce ta fara yi mata wanka. Sauran kuɗinmu na wancan gidan baffan ya aiko da shi bayan kaka kamar yadda ya ce. Gidan kansa sai da magadan suka kai ga alƙali, daga baya aka sayar, wanda ya saya ya rushe shi ya yi shaguna.